Gargaɗi: ana sace hotunan masu sayar da kaya a intanet ana damfara da sunansu

Jama'a, masu saye da masu sayarwa, a yi hattara da wata damfara mai cin mutum biyu a lokaci guda. Mai saye ya rasa kuɗinsa, ɗan kasuwa na gaskiya kuma ya rasa mutuncinsa bai ji ba bai gani ba.

Ga yadda take tafiya. A ce wata baiwar Allah tana sayar da takalma a Instagram. Ɗan damfara sai ya buɗe shafi da sunan shagonta, ya ƙara ɗigo ɗaya ko ya sa sifili a gurbin harafin o. Ya kwashe hotunanta kaf, har da hotunan hirar da masu saye ke yi mata godiya. Sai ya karya farashi kusan rabi. Kana yi masa magana zai amsa nan take, ya ce saura ƙafa biyu, ka ba da rabin kuɗi a ajiye maka. Sunan da ke kan asusun bankin bai yi kama da na shagon ba, amma zai ce na ƙanensa ne. Washegari ya nemi kuɗin dako. Bayan nan kaya sun maƙale a hanya, sai an biya inshora, wai za a mayar maka. Yana yankar kuɗin kaɗan-kaɗan ne don ya san wanda ya riga ya biya sau biyu ba ya son na baya ya tafi a banza. Ranar da ka ce ba ƙari, ya toshe ka. Daga nan ka laluɓo shagon gaskiya ka sauke fushinka a kan wadda ba ta san hawa ba balle sauka.

To, 'yan'uwa masu sayarwa, kada ranku ya ɓaci idan mai saye ya tsananta tambaya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Abin da ya kamata ku gane shi ne hoton hira da hoton rasit ba hujja ba ne, tunda ɓarawo ma yana da su, naku ne ma ya kwafa. Hujja ita ce abin da ba za a iya tanadarsa tun kafin a nema ba. Ku ce wa mai saye ya zaɓi kalma ɗaya, ku rubuta ta a takarda tare da kwanan wata, ku ɗauki gajeren bidiyo da takardar a jikin kayan, kuna juya shi ana ganin lambar ƙafa da ɗinki. Kiran bidiyo ya ma fi. Mai shafin bogi ba shi da takalmin a hannu, don haka kullum kyamararsa a lalace take.

Asusun karɓar kuɗi ya zama ɗaya, ku kafe sunansa a saman shafi, ku faɗa ƙarara cewa ba ku da wani. Ku kuma nuna wa mutane inda za su duba shekarun shafi: "About this account" a Instagram, "Page transparency" a Facebook. Nan ake ganin lokacin da aka buɗe shi da ko an taɓa sauya masa suna. Wannan ma ba tabbas ne ɗari bisa ɗari ba, domin ana sayen tsohon shafi ko a sace shi.

Sharuɗɗan kai kaya kuwa su suka fi toshe wannan ƙofa. Kafin a biya, a rubuta a saƙo guda: jimlar kuɗi har da dako, wa zai kai, kwana nawa, misali 3 zuwa 5, me za a yi idan kaya ya lalace ko bai yi daidai ba, da kwanakin da aka ba da na mayarwa. A ƙarshe a ƙara da cewa babu wani kuɗi da za a sake nema. Mai sayen da ke riƙe da wannan saƙo, duk wanda ya zo masa da zancen inshora ya tona kansa.

Sai amsa saƙo, inda masu gaskiya da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Kafin a biya ku baki har kunne, bayan an biya sai shiru kwana biyu. A idon mai saye wannan shi ne ainihin halin ɗan damfara. Ba a ce ku kwana riƙe da waya ba. Ku sanar da lokutan da kuke amsawa, ku tsaya a kai. Kuɗi ya shigo, ku tabbatar a rubuce. Kaya ya tashi, ku tura hoton ƙunshin da lambar bibiya. In an samu jinkiri, ku riga shi magana, ku ba shi sabuwar rana.

Wanda kuwa aka riga aka cuta, kada ya goge hirar. Ya kira bankinsa a take, domin kuɗin ba ya daɗewa a asusun farko, ya kai ƙarar shafin, sannan ya sanar da mai shagon gaskiya don ta gargaɗi sauran masu saye.