Farin tabo a baki: na maganin shaƙa da na antibayotik

"Salamu alaikum. Mahaifiyarmu a Tudun Wada tana shaƙar maganin asma tun shigowar hunturu, yanzu wani fari-fari ya fito mata a maƙogwaro. Ni ma na yi irinsa bayan na sha amoksisilin. Ciwon ɗaya ne?"

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. Da alama ciwon ɗaya ne, amma hanyar da ya biyo ta bambanta. Wani fangas ne mai suna Kandida, wanda dama yana zaune a bakin mutane da yawa ba tare da cutarwa ba, sai ya samu sarari yake yaɗuwa.

A wajen Hajiya, maganin rigakafin asma mai sitiroyid, irin su beklometason da budesonid, ba dukansa ke isa huhu ba. Wani kaso yana maƙalewa a ganɗa da beli da can cikin maƙogwaro, ya raunana garkuwar wurin. Shi ya sa tabon yake fitowa daidai inda feshin yake sauka, kamar an ɗiga kindirmo, wani lokaci har murya ta dushe. Salbutamol, mai shuɗin gida, ba ya jawo wannan. Ina roƙonki kada ta daina shaƙar maganin, domin tashin asma cikin ƙurar hunturun Zariya ya fi wannan tabo haɗari nesa ba kusa ba. Ta riƙa kurkure baki har maƙogwaro da ruwa ta zubar bayan kowace shaƙa, kuma idan na fesawa ne, a nema mata bututun nan da ake kira sifesa.

A wajenki kuwa, amoksisilin ya kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke takura wa fangas ɗin, sai ya samu fili. Wannan ya fi kama harshe da cikin kumatu, kuma sau da yawa harshen yakan yi ja yana raɗaɗi, har yaji ya gagari mutum. Yakan lafa bayan an gama maganin, amma ƙara sayen wani antibayotik a kemis tsananta shi yake yi.

Maganinsu ɗaya ne. Likita yakan rubuta ruwan nistatin, mililita 1 sau 4 a rana bayan cin abinci, a riƙe shi a baki kafin a haɗiye, har kwana 7, a kuma ƙara kwana 2 bayan tabon ya ɓace. Idan ya ƙi, akan koma ga ƙwayar fulukonazol.

Ki goga tabon a hankali da tsumma mai tsabta: na Kandida yana fita, ya bar wurin ja, wani lokaci da ɗan jini. Idan ya ƙi goguwa, ko ya wuce mako 2, ko Hajiya tana jin zafi a ƙirji idan ta haɗiye abinci, a kai ta asibiti, a kuma auna sukari da ƙanjamau, domin dukansu suna buɗe wa wannan ciwo ƙofa.