Kalkuleta, manhaja ko malamin lesin: wanne zai kama maka kuskuren ma'auni a fiziks?

Ɗalibi ya ɗauki hoton tambaya daga allo ko daga takardar tsohuwar jarrabawa, ya tura zauren WhatsApp na ajinsu, amsoshi huɗu suka dawo, babu wadda ta yi kama da wata. Galibi ba dabarar lissafin ce ta ɓace ba. An dai cakuɗa santimita da kilogiram da awa ne a tambaya guda, kowa ya juya wanda ya tuna, ya bar sauran. Kafin ka kashe kuɗi a kan abin da zai taimaka, ga tambaya ɗaya da za mu gwada kowane zaɓi da ita:

Injin ruwa ya ɗaga kilogiram 900 na ruwa zuwa tanki mai tsayin santimita 450 a cikin awa 1.5. Nawa ne ƙarfin aikinsa da wat, idan g = 10 m/s²?

Dabarar ita ce P = mgh/t. Wat ɗaya kuwa daidai yake da kg·m²/s³, wato dole tsayi ya koma mita, lokaci ya koma daƙiƙa. Santimita 450 mita 4.5 ne. Awa 1.5 sau 3600 daƙiƙa 5400 ne. Sai a samu 900 × 10 × 4.5 = 40,500, a raba da 5400, amsa wat 7.5.

Wanda bai juya komai ba zai samu 2,700,000, kuma girman lambar kaɗai zai sa ya tsargu. Haɗarin yana wurin wanda ya yi rabin aiki. Idan ya juya awa ya manta santimita, zai samu 750. Idan ya juya santimita amma ya tsaya a minti 90, zai samu 450. Dukkansu sun yi kama da lambobin da ake gani a jikin injinan ruwa na gida, musamman 750 da ke dab da ƙarfin doki ɗaya, wato wat 746. Saboda haka ɗalibi zai ja layi a ƙarƙashin amsarsa hankali kwance. Abin da ya kamata ka saya shi ne wanda zai iya tare wannan 750 ɗin.

Mu fara da kalkuleta, tunda ita iyaye suka fi saya. Casio fx-82MS da ire-irenta lamba kawai suka sani. Ka ba ta 450, ba ta san ko mita ba ne ko santimita. Sai mai shago ya nuna maka fx-991ES PLUS, ya ce ai wannan tana juya ma'auni. Gaskiya ne, amma da iyaka. Idan ka danna SHIFT sannan 8, za ka shiga CONV, inda akwai juyi 40: inci zuwa santimita, mil zuwa kilomita, da km/h zuwa m/s a lamba 19. Babu santimita zuwa mita a ciki, babu awa zuwa daƙiƙa, su ne kuma tambayarmu take buƙata. Ko inda juyin yake, sai kai ka tuna ka nema, domin ba za ta taɓa ce maka ka manta ba. Tana da amfani sosai a wasu sassan lissafi, amma idan don matsalar ma'auni kaɗai za ka ƙara kuɗi, ka riƙe kuɗinka. Duka biyun suna da maɓallin °′″, wanda zai nuna maka cewa 1.5 awa ɗaya ce da minti 30. Masu karanta ta a matsayin awa ɗaya da minti 50 suna raba da 6600, su samu kusan 6.1.

Zaɓi na biyu shi ne manhajojin da ke lissafi da ma'aunin a jikin lambar. Qalculate! da GNU units kyauta ne a kwamfuta, kuma akwatin binciken Google ma yana karɓar irin wannan rubutu. A GNU units haka ake rubutawa:

```
units '900 kg * 10 m/s^2 * 450 cm / (1.5 hr)' W
```

Zai ba ka 7.5 ba tare da ka juya komai da hannunka ba. Idan kuma dabararka ce ba daidai ba, misali ka bar g a baya, zai ƙi ba da amsa da wat, ya rubuta conformability error. Wannan ƙin shi ne babbar fa'idarsa a kan kalkuleta. Sai dai a kula da haruffa: a GNU units, h na nufin lambar Planck, awa kuwa hr ake rubutawa, sannan g giram ne, don haka ka rubuta 10 m/s^2 a fili. Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba: ba a shiga zauren WAEC, NECO ko JAMB da waya. Amfaninsa shi ne duba aikin gida bayan ka gama da hannu.

Akwai abin da babu manhajar da za ta gyara, wato hoton kansa. Idan an ɗauke shi a karkace ko a duhu, WhatsApp kuma ya matse shi, ƙananan alamomi ne ke fara ɓacewa. Ɗigon da ke cikin 1.5 ya dushe, a karanta awa 15, amsa ta fito 0.75 da ma'auninta lafiya lau. Ƙaramar 2 da ke saman cm² ta koma tamkar ƙura, ga shi kuma tsakanin cm² da m² akwai ninki 10,000. Maganin ba ya cin ko sisi: a ɗauki hoton kai tsaye daga sama, cikin haske, a tura shi a matsayin fayil don kada a rage ingancinsa, sannan a kwafe kowace lamba da ma'auninta a takarda kafin a fara lissafi.

Malamin lesin shi ne mafi tsada, ingancinsa kuma ya danganta da yadda yake gyara. Ka ba shi wannan tambayar da amsar 750, ka ga abin da zai yi. Idan ya soke ya rubuta 7.5 kawai, ka nemi wani. Wanda ya cancanci kuɗin wata zai sa yaro ya rubuta juyin a matsayin ɓangare, kamar haka:

```
450 cm × (1 m / 100 cm) = 4.5 m
1.5 h × (3600 s / 1 h) = 5400 s
```

Yaro zai soke cm na sama da na ƙasa da biro, ya ga m ce ta rage. Idan ya juya ɓangaren bai-bai, cm² za ta fito masa, nan take ya gane.

Ka kuma tambaye shi bambanci tsakanin bincike iri biyu da ake yawan haɗawa. Binciken M, L da T, wato nauyi da tsawo da lokaci, yana tabbatar da dabara: mgh/t tana ba da ML²T⁻³, daidai da wat, yayin da mh/t ke ba da MLT⁻¹, wanda ba ƙarfin aiki ba ne. Amma santimita da mita duk L ne, awa da daƙiƙa duk T ne, don haka 750 za ta wuce wannan shingen ba tare da an tare ta ba. Sai an ja ainihin ma'aunin layi bayan layi sannan a ga kg·m·cm/s³ a ƙarshe, wanda ba wat ba ne. Haka nan binciken ba ya ganin lambar da ba ta da ma'auni, kamar ½ da ke cikin ½mv².

Ga ɗan sakandare mai shirin jarrabawa, shawararmu ita ce kalkuleta mai sauƙi irin fx-82MS, ta asali domin jabu sun cika kasuwa, da littafin rubutu mai faɗi inda kowane juyi zai samu layinsa. Ɗalibin jami'a ko kwalejin fasaha mai kwamfuta ya ƙara da Qalculate! ko GNU units. Kuɗin lesin kuwa sai ga yaron da aka nuna wa soke ma'auni amma har yanzu yake kifar da ɓangaren, yana ninkawa da 100 inda ya kamata ya raba.