Ruwan gishiri da sukari na gida ko ORS na leda: wanne za a ba yaro mai gudawa?

Tambaya: "Yarona mai wata 14 ya kwana biyu yana gudawa. Surukata ta ce in haɗa masa ruwan gishiri da sukari kamar yadda aka koya musu a da, mai kemis ɗin unguwarmu a Tudun Wada kuma ya ba ni ORS na leda. Shin akwai bambanci? Kuma na ba shi amma gudawar ba ta tsaya ba."

'Yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Bambanci yana nan, kuma na ledar, wato garin ORS da ake narkarwa a ruwa, ya fi, amma kafin mu kai can akwai abin da ya haɗa su wanda ya kamata ki riƙe: babu ɗaya daga cikinsu da aka yi domin ya tsayar da gudawa. Aikinsu shi ne mayar wa jiki ruwa da gishirin da ke fita, domin yawancin gudawar yara tana warkewa da kanta cikin 'yan kwanaki, abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki kafin ta warke. Hanjin yaro, ko yana cikin gudawa, yana iya tsotse gishiri idan akwai sukari tare da shi daidai gwargwado, ruwa kuma sai ya bi gishirin ya shiga jini. Saboda haka idan kina ba shi kuma yana ci gaba da zawo, wannan ba ya nufin maganin bai yi aiki ba. Abin dubawa shi ne fitsarinsa, da idanunsa, da kuzarinsa.

Na ledar, wato wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, an auna shi tun daga masana'anta. Leda ɗaya ta lita ɗaya tana da nauyin giram 20.5, kuma abubuwa huɗu ne a cikinta: gishiri giram 2.6, sukarin gulukos giram 13.5, gishirin fotashiyam giram 1.5, da sitiret giram 2.9. Na gida abu biyu kawai yake da shi, gishiri da sukari. Biyun da ya rasa ba ado ba ne. Gudawa tana zubar da fotashiyam da yawa, kuma idan ya yi ƙaranci sai ki ga yaro ya yi laƙwas, gaɓoɓinsa sun mutu, wani lokaci cikinsa ya kumbura. Sitiret kuwa yana gyara tsamin da jini ke yi idan gudawa ta yi tsanani. Shi ya sa na gida yake iya tare rashin ruwa tun bai fara ba, amma bai kai ya gyara yaron da ruwan jikinsa ya riga ya ragu ba.

Wajen haɗawa ne aka fi yin kuskure, kuma kowanne da irin nasa. A na leda, kuskuren yana wajen ruwa. A wanke hannu da sabulu, a zuba garin ledar gaba ɗaya a cikin ruwa mai tsafta lita ɗaya cif, wanda aka tafasa ya huce ko fiya wata da aka amince da ita, a motsa har ya narke. Hanyar da ta fi sauƙi a gidajenmu ita ce fiya wata guda biyu, matuƙar an duba jikin ledar an ga kowacce santilita 50 ce, domin akwai masu 60. A kuma karanta jikin ledar ORS ɗin kanta, saboda ba duka ne ake yi wa lita ɗaya ba. Na taɓa ganin wata uwa da ta juye leda guda a ƙaramar gora ta rabin lita, tana ganin idan ya yi kauri zai fi ƙarfi. Abin da ta yi shi ne ninka gishirin sau biyu, yaron yana ta sha yana ƙara jin ƙishirwa da rigima, leɓensa a bushe. Gishiri mai yawa haka yana iya kai yaro ga jijjiga. Haka nan kada a raba garin gida biyu da ido don a yi tattali, kada a ƙara sukari don ya yi daɗi, kada a haɗa shi da madara ko lemo. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

A na gida kuwa, kuskuren yana wajen cokali, kuma ya fi yawa domin komai a hannunki yake. Ma'aunin da aka fi sani yanzu shi ne ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe. A shafe nake nufi, a bi saman cokalin da bayan wuƙa ko yatsa mai tsafta, ba irin awon tiya a kasuwar Sabon Gari ba inda ake tara hatsi har ya yi tozo. Surukarki mai yiwuwa wani ma'auni daban ta sani, wanda aka yi ta koyarwa a asibitocin Najeriya shekarun baya, na cokali goma na sukari ko ƙwaya biyar da cokali ɗaya na gishiri a ruwa cikin kwalbar lemo biyu. Ba ƙarya ta yi ba, haka aka koya musu. Matsalar ita ce kwalaben yau ba girmansu ɗaya da na wancan lokaci ba, cokulan gidajenmu ma kowanne da faɗinsa, mutane kuma suna cakuɗa ma'aunan biyu, wasu har su juya su, gishiri ya zama shi ne mai yawa. Idan kin haɗa, ki ɗanɗana kafin ki ba yaro, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Sukari ma idan ya yi yawa yana janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji ya ƙara gudawar, kuma wannan ne dalilin da ya sa lemon kwalba da lemon kwali ba su dace da yaro mai zawo ba.

A ganina, na gida matsayinsa na tsakar dare ne, lokacin da kemis ke rufe kuma babu leda a ɗaki. Gari na wayewa a koma na leda. Tun da kina da shi a hannu, babu dalilin haɗa na gida.

Yawan da za a bayar ɗaya ne a duka biyun idan yaro bai nuna alamar rashin ruwa ba. Ɗan ƙasa da shekara biyu, kamar naki, ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wato rubu'i zuwa rabin babban kofi. Daga shekara biyu zuwa goma, 100 zuwa 200. Da cokali ko kofi ake bayarwa, kaɗan-kaɗan, ba da ɗura ba, domin ɗura tana iya shaƙe yaro ruwan ya bi masa ta huhu. Idan ya yi amai, a jira minti goma sannan a ci gaba a hankali, cokali ɗaya duk bayan minti biyu ko uku. Nono kada ya tsaya ko kaɗan, abinci ma haka, kunu da koko da dafaffiyar shinkafa mai laushi, da ayaba wadda ke da fotashiyam.

Idan kuwa yaro ya fara nuna alamu biyu daga cikin waɗannan, wato yawan rigima da rashin natsuwa, faɗawar idanu, shan ruwa da haɗama, ko fatar ciki da idan an tsunkula ba ta komawa nan take, to a nan hanyar biyun ta rabu. Na gida ya fita daga lissafi, sai na leda, kuma ya kamata a yi shi a gaban ma'aikacin lafiya. Ƙa'idar ita ce mililita 75 ga kowane kilo na nauyin yaro cikin awa huɗu. Mu ɗauka yaronki kilo tara ne, wanda ba zai yi nisa da nauyin ɗan wata 14 ba. Tara sau 75 ya ba da mililita 675, kusan kashi biyu cikin uku na litar da kika haɗa. Idan aka raba shi awa huɗu, kowace awa tana ɗaukar kimanin 170, ƙaramin cokali kuma mililita biyar yake ɗauka, ke nan cokali 34 a awa, kusan ɗaya duk minti biyu ba tsayawa. Aiki ne na zama, a ɗora yaro a cinya da kofi a gefe, kuma nan ne surukarki za ta fi taimaka miki idan kuna karɓa-karɓa. Bayan awa huɗun a sake duba shi: ya yi fitsari, idanun sun ciko, ya daina rigima ya samu barci mai daɗi? Idan fatar idonsa ta kumbura, ruwan ya isa, a dakata a ba shi nono da ruwa zalla.

Akwai kuma ƙwayar zink, wadda ya kamata mai kemis ya haɗa miki da ledar. Ita ce ke rage tsawon kwanakin gudawar, tana kuma rage dawowarta a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya kai wata shida, rabin haka ga wanda bai kai ba, a narkar da ita a cokali da nono ko ruwa, a cika kwanakin ko da ya warke. Filajil da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saurin saya ba sa yi wa gudawar ruwa ta yau da kullum komai, maganin ɗaure ciki na manya kuma haɗari ne ga ƙaramin yaro.

Inda duka biyun ba su isa ba shi ne idan yaro ya galabaita har ba ya iya sha, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi ta barci da ƙyar ake tashinsa, ko fatar da aka tsunkula ta wuce daƙiƙa biyu a tsaye, ko ya yini bai yi fitsari ba. Wannan yaro ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata, kuma awa ɗaya tana da tasiri. Faɗawar maɗiga ma alamar ƙarewar ruwa ce, ba ciwo ne na daban da za a shafa wa magani a ka ba. Haka nan jini a cikin kashi, zazzaɓi mai zafi, jijjiga, kumburin ciki, da zawo fari mai yawa kamar ruwan wankin shinkafa, wanda a damina ya kamata ya sa a yi zargin kwalara. Jaririn da bai kai wata biyu ba da yaro mai tamowa ba a jinyarsu a gida tun farko, mai tamowa ma haɗin da ake ba shi a asibiti daban ne, gishirinsa bai kai na wannan ba. Kada a ce haƙori ne a zauna jira. A nufi asibiti mafi kusa, idan a Zariya ake ko na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko na koyarwa a Shika, ana tafiya ana ba shi ORS a hanya idan yana iya haɗiya.

Yaronki yau kwanansa biyu. Idan yana sha, yana fitsari, yana ɗan wasa, ki ci gaba da na ledar da zink da nono. Idan gobe ta yi, kwana uku ke nan, kuma zawon bai ragu ba, ki kai shi a duba shi ko da babu ɗaya daga cikin alamun da na ambata.