Uno, STM32 ko ESP32: wanne za ka saya don ƙidayar ruwa?

Masu sayar da ruwa a Nima da Mamobi, unguwannin Accra, kan so na'urar da za ta ƙirga litar da ta fita daga tanki. Kafin ka nufi Zongo Lane sayen allo, san yadda kowanne yake tsare ƙidayarsa.

Ma'aunin ruwa YF-S201 yana bugu kusan 450 a kowace lita. Duk bugu, aikin katsewa yakan tsayar da babban shiri, ya ƙara ɗaya a `bugu`, lambar da ke riƙe ƙidayar, ya koma. Rigimar tana tashi ne idan ya faɗo ana tsakiyar karanta lambar.

Arduino Uno mai bit 8 ne, sai ya karanta lamba mai bit 16 a zubi biyu. A ce `bugu` na kan 255. Shiri ya ɗauki rabin ƙasa, 255, sai katsewa ta mayar da lambar 256, sannan ya ɗauki rabin sama, wanda yanzu ya zama 1. Abin da ya haɗa 511 ne, wato an ɗora wa mai saye fiye da rabin lita da bai ɗiba ba. Alamar ita ce lambar ta yi tsalle da 256 jefi-jefi. Sa `volatile` wajibi ne, amma ba ya maganin wannan. Maganin shi ne kulle katsewa na ɗan lokaci:

```
noInterrupts();
kwafi = bugu;
bugu = 0;
interrupts();
```

Kwafa kawai, ka buɗe. Idan ka cusa lissafi a ciki har kullen ya daɗe, agogon `millis()` zai fara latti, kuma bugu biyu da suka zo ana kulle ɗaya za a ƙirga.

STM32F103 mai bit 32 yana karanta lambar a zubi ɗaya, don haka babu zancen 511. Sai dai bugun da ya shigo tsakanin kwafa da mayarwa sifili ya tafi ke nan, kuma wannan asarar mai tanki ce. Dabarar da na fi so a nan: kada babban shiri ya rubuta komai a `bugu`. Ya karanta, ya debe karatun baya, shi ke nan ba a bukatar kulle.

ESP32 na asali ƙwaƙwalwa biyu gare shi, rufe katsewa a ɗaya ba ya hana ɗayar taɓa lambar. Sai `portENTER_CRITICAL` a babban shiri da `portENTER_CRITICAL_ISR` a cikin katsewa, su biyun a kan `portMUX_TYPE` guda. Saye shi idan kana son lissafin ya zo maka a wayar hannu.

Famfo ɗaya ko biyu, Uno ya wadatar, layukan nan huɗu sun isa. Idan famfunan suna da yawa, ɗauki STM32.