Sanadi da sakamako a tambayar ayarin Kano zuwa Tarabulus

"An ba mu nassi biyu a kan hanyar ayari ta Kano zuwa Tarabulus. Na farko bayanin matafiyin nan Bajamushe Barth ne kan kasuwar Kano, na biyu rahoton wani jami'in mulkin mallaka da ke cewa jirgin ƙasa ne ya kashe hanyar. Sashe na ɗaya ya ce a kawo sanadin mutuwar hanyar, na biyu ya ce sakamakonta. Na rubuta jirgin ƙasa da gyaɗa a duka biyun, aka ba ni rabin maki. Ina bambancin yake?"

Ƙanwata, kafin ki ɗora biro, ki fara ware abin da ake tambaya a kansa, ki sa masa shekara. A nan shi ne ƙafewar fataucin raƙuma tsakanin Kano da Tarabulus ta Damagaram, Agadas, Gat da Gadamas, abin da ya bi sannu a hankali daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa lokacin yaƙin duniya na farko. Da kin kafa wannan, sassan biyu za su rabu da kansu, don kowanne da irin gwajin da ake yi masa.

Gwajin sanadi shi ne: abin ya riga faruwar, kuma da babu shi da lamarin ya sauya? Gwajin sakamako kuwa: abin ya biyo baya, kuma ta hanyar mutuwar ayarin ya zo, ba ta wata ƙofa ba? Na farkon ya fi sauƙi, shekaru kan raba gardama. Na biyun ne ke cin ɗalibai, saboda duk abin da ya zo daga baya sai a ɗauka ɗan abin ne.

Mu gwada jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Sanadi ne, ba musu. Raƙumi ba ya wuce kilo 150 ko kusa da haka, ayari kuma sai ya yi wata da watanni a hamada, ga kuɗin da ake biyan masu rakiya a kowane zango, ga fargabar 'yan hari. Ɗan kasuwar da zai iya sa ƙiragansa a tarago zuwa Legas, daga can jirgin ruwa ya ɗauka, ba zai sake neman madugu ba. Wannan bayanin na yadda abin ya yi aiki shi ne makin, ba ambaton sunan jirgin kawai ba.

Amma dubi shekarar da kyau. Abin da ya zo a 1911 ba zai zama dalilin raunin da ya bayyana shekara ashirin kafin nan ba. Daular Usmaniyya ta haramta cinikin bayi a 1857, kuma ko da yake an ci gaba a ɓoye, wannan ɓangare na kayan ayari ya yi ta raguwa. Gashin jimina ya yi tashe a shekarun 1870, sai gonakin jimina na Afirka ta Kudu suka cika kasuwar Turai, farashi ya karye. A 1893 Rabe ya ci Barno ya rushe Kukawa, hanyar Barno zuwa Fazzan ta tsaya cik. Faransa ta kama Damagaram a 1899, Ingila ta ci Kano a 1903, hanya guda ta koma ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban, kowacce tana jan ciniki zuwa tata gaɓar teku. A 1911 ɗin dai Italiya ta mamaye Tarabulus, wato kan hanyar na arewa ya kama da wuta a shekarar da dogo ya buɗe ƙofar kudu. Don haka amsa mai kyau kan jera su hawa-hawa: waɗanda suka raunana hanyar tun da nisa, da waɗanda suka ƙarasa ta. Ni a ganina jirgin ƙasa ya tarar da ita a kwance ne, kuma mai dubawa yana son ki faɗi matsayarki irin haka ki kare ta.

Yanzu gyaɗa, inda kika zubar da maki. Gaskiya ne cinikinta ya bunƙasa a Kano daga 1912. Sai ki tambayi kanki: da ayari ya ci gaba da tafiya lafiya lau, kuma ga dogo, gyaɗa za ta bunƙasa? Za ta bunƙasa mana. Kaya ne mai nauyi, mai araha, da ma ba ya cikin abin da ake tsallaka hamada da shi. Ita da mutuwar ayarin 'yan uwa ɗaya ne, jirgin ƙasa ya haife su duka, babu wadda ta haifi wata. A sashen sanadi ba ta da gurbi, a sashen sakamako kuma sai dai ki ce ita ce ta karɓi jarin wasu fataken da suka bar tsohuwar sana'a.

Sakamako na haƙiƙa ki neme shi wurin waɗanda hanyar ke ciyarwa. Azbinawa masu raƙuma sun rasa kuɗin dako da na rakiya. Garuruwan zango irin su Gat da Gadamas sun yi sanyi. Larabawan da ke zaune a Kano wasu sun tattara, wasu sun koma aika kayansu ta Legas. Ki kuma nuna iyakar abin: ayarin gishiri na Bilma bai mutu ba, don dogo bai kai can ba, kuma masu sayensa na nan kusa.

Ga yadda jimla guda ke fita a hannu biyu. Ta rabin maki: "Jirgin ƙasa ya zo, ayari ya mutu, aka fara noman gyaɗa." Ta cikakken maki: "Nassi na biyu ya ɗora laifin a kan jirgin ƙasa, kuma hakan ya yi daidai daga 1912, tunda ya rage kuɗin dako da tsawon tafiya, sai dai hanyar Barno ta tsaya tun 1893, abin da ke nuna raunin ya riga dogo."

Su kansu nassoshin ba aiki ɗaya suke yi ba. Barth ya shiga Kano a 1851, saboda haka ba zai ba ki shaida kan sanadin abin da bai gani ba. Amfaninsa shi ne ya zama ma'auni: ya nuna yadda kasuwar take kafin raunin, har ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kaiwa Tumbuktu sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Da shi za ki auna girman abin da aka rasa, kina tuna cewa ƙiyasin baƙo ne da ya yi 'yan makonni a gari. Rahoton jami'in kuwa yana magana kai tsaye a kan sanadi, shi ya sa ya fi buƙatar taka-tsantsan. Gwamnatinsa ce ta kashe kuɗi ta shimfiɗa dogon, yana da dalilin kambama shi, kuma daga ofishinsa kayan da ke hawa tarago yake gani, ba abin da ke faruwa a Agadas ko Tarabulus ba. Ki rubuta wannan a jimla ɗaya ko biyu a ƙarƙashin sashen sanadi, sannan ki kawo Rabe da Italiya daga karatunki ki cike giɓin da ya bari.