Sharhi kan firama mai jure kaifin siminti: inda ta yi aiki da inda ta gaza

Firamar da nake magana a kanta ita ce irin wadda ake sayarwa da alƙawarin cewa tana jure kaifin siminti, wato ƙarfin sinadarin cikinsa da ke cin fenti, tana kuma hana farin gishiri tsattsafowa ta cikin fenti. Ta ruwa ce, wato akirilik, ana shafa ta a jikin filasta kafin a sa fenti na sama. Na yi amfani da ita a bangon waje na gidana, a ɓangaren da ruwan sama ya fi duka, kuma tun da aka gama aikin damina ta wuce a kansa, don haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani. A taƙaice, rabin farko na alƙawarin gaskiya ne, rabi na biyu kuwa yana da sharaɗin da ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin gwangwanin ba.

Bangon yana da cuta iri biyu, ko da yake daga nesa duk ɗaya ake ganinsu. Daga tsakiya zuwa sama fentin ya koɗe, idan ka goga tafin hannu sai ya fito fari fat kamar ka taɓa alli, kuma akwai 'yan kumburi nan da can. Daga ƙasa kuwa, zuwa kamar tsayin gwiwa, fentin yana ɗayewa ɓawo-ɓawo, a bayansa ga wani farin gari mai laushi, filastar ma tana marmashewa idan aka danna ta da yatsa. Mai fentin da ya yi aikin, wanda mutum ne mai haƙuri, bai yarda ya buɗe gwangwani ba sai da ya bi kumburin ɗaya bayan ɗaya yana fasa su da bakin wuƙa. Dalilinsa shi ne abin da ke ƙarƙashin kumburi shi ke faɗin asalinsa. Idan ka fasa ka tarar da tsohon fenti lafiyayye a ciki, to shafin sama ne kawai ya tashi, galibi saboda an yi shi a bango mai zafi rana na dukansa, fatar fentin ta bushe kafin abin da ke ciki ya gama fita, ko kuma an shafa shi a kan ƙura. Idan kuwa ka fasa ka ga filasta tsirara, musamman idan da laima, to ruwa ne ya turo fentin gaba ɗaya daga baya. Kumburin sama duk na farkon ne, na ƙasa duk na biyun.

Farin gishirin nan ba daga fenti yake fitowa ba, kuma wannan shi ne abin da ya kamata mai saye ya fahimta kafin ya fitar da kuɗinsa. Siminti da yashi da bulo, har da ƙasar da ginin ke zaune a kai, duk suna ɗauke da gishiri iri-iri masu narkewa a ruwa. Muddin bango a bushe yake, gishirin yana nan kwance ba ya cutar da komai. Amma idan ruwa ya shiga sai ya narkar da shi, ya ɗauko shi ta ƙananan ƙofofin filasta zuwa fuskar bango, ruwan ya bi iska, gishirin ya tsaya. Idan fenti mai barin tururi ya wuce ne, sai ka ga farin gari a samansa, abin ya tsaya ga muni. Idan fenti mai toshewa ne, sai gishirin ya daskare a bayansa, ƙwayoyinsa su yi ta girma suna ture fentin, har su farfasa fuskar filastar kanta. Saboda haka duk inda aka ga gishiri yana dawowa bayan an share, ruwa na ci gaba da bi ta wurin.

Kaifin siminti kuma matsala ce ta daban. Sabuwar filasta tana da ma'aunin pH, wato awon tsami da kaifi, tsakanin 12 da 13, wanda kaifi ne mai ƙarfi ƙwarai, kuma yana sauka ne a hankali yayin da iskar kabon dayoksaid ke haɗuwa da sinadarin da ke fuskar simintin. Shi ya sa ake cewa a bar sabuwar filasta ta yi aƙalla kwana 28 kafin fenti, masu yin fenti da yawa kuma suna son ma'aunin ya sauka ƙasa da 10. Fentin da aka haɗa da mai ne ya fi shan wahala a nan, domin kaifin yana narkar da man da ke riƙe da shi ya mai da shi sabulu, kamar yadda ruwan toka ke yi wa mai, sai fentin ya yi laushi ya yi danƙo ya saki bango. Fentin ruwa ya fi juriya, amma shi ma launinsa yakan ƙone ya yi dabbare-dabbare. Wannan ita ce ainihin cutar da aka yi firamar nan dominta.

A ɓangaren sama, shirin bango ya fi shafa fentin cin lokaci nesa ba kusa ba. An kankare duk fentin da ba ya riƙe, an goge bakin wuraren da aka kankare da sanfefa don kada gaɓa ta fito, sannan aka wanke allin nan da buroshi mai tauri da ruwa har sai da hannu ya daina ɗaukar fari. Inda tsohon fenti ya yi kamar yana da ƙarfi, mai fentin ya tsaga shi da reza gicciye, ya manna salatif ya fizge. Duk inda fenti ya biyo salatif sai a ci gaba da kankara. Ya kuma bi bangon yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, inda ya ji amo kamar na fanko ya san filastar ta rabu da bulo, aka fasa ta aka sake sabuwa. A can saman bango an sami wata siririyar tsaga da ruwa ke bi, aka buɗa bakinta kaɗan don abin cikewa ya sami wurin kamawa, aka cike. Facin sabuwar filastar nan an jira shi ya cika kwanakinsa, kuma a kansa ne na ga amfanin firamar sosai, domin a da duk inda aka yi faci sai inuwarsa ta fito ta cikin fenti, yanzu kuwa ba za ka iya nuna inda yake ba.

Game da ita kanta firamar, tana da sauƙin shafawa da rola, ba ta da wari mai hawa kai, kuma kayan aiki suna wankuwa da ruwa. Tana shiga jikin filasta ta ɗaure 'yar ƙurar da ta rage, ta daidaita yadda bango ke tsotsa, har fentin sama ya kwanta bai ɗaya. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yawan faɗin da aka rubuta cewa lita ɗaya za ta rufe, wanda lissafi ne na bango mai santsi. Filasta mai kaushi ta shanye fiye da haka ƙwarai, kuma a irin wannan lokaci ne ake jarabtar mutum ya ƙara ruwa don ta kai. Bai kamata a wuce adadin ruwan da kamfani ya rubuta ba, domin idan ta tsinke da yawa sunan firama kawai ya rage. An shafa ta da safe kafin rana ta juyo kan bangon, aka bar ta ta bushe gwargwadon awannin da aka rubuta, aka bi da shafi biyu na fentin akirilik na waje. Bayan damina, saman bangon ba kumburi ko ɗaya, ba ɗayewa, launin ma bai canza ba.

Ƙasan bangon shi ne wurin gwaji na gaskiya. Kafin a taɓa shi, an yanko leda mai kauri, kamar santimita 45 a kowane gefe, aka manna ta a jikin filastar da aka kankare, aka rufe gefenta huɗu da salatif, aka bar ta ta kwana. Ƙa'idar wannan gwaji ita ce aƙalla awa 16. Da aka ɗaga, cikin ledar ya yi gumi, filastar da ke bayanta ta yi duhu. Irin wannan leda da aka manna a sama ta fito a bushe. Mai fentin ya ce mini kai tsaye: “Ranka ya daɗe, ko wane irin fenti aka sa a nan ba zai zauna ba, sai an tsayar da ruwan.” Don mu ga iyakar ƙarfin firamar, muka amince a shafa ta tare da fenti a wani ɗan yanki na ƙasan, a bar sauran. Da ruwa ya sauka, yankin nan ya fara da 'yan ɗigon fari a jikin fenti, daga baya ya kumbura, da aka fasa sai ga gishiri tsakanin filasta da firamar. Ba ta narke ba, kaifin bai ci ta ba, amma an ɗaga ta ɗungurungum daga baya.

Tushen ruwan bai yi wuyar ganowa ba. An yi ciko a gindin ginin har ƙasa ta haura layin da aka shimfiɗa abin hana laima a fandisho, wanda ya kamata ya kasance kamar santimita 15 sama da ƙasa, ga kuma ruwan rufi yana zubowa daidai wurin yana fantsama a bango. Aka kwashe cikon, aka karkata ƙasar yadda ruwa zai gudu daga ginin, aka sa bututu ya kai ruwan rufin nesa. Filastar da gishiri ya riga ya cinye an sassare ta har zuwa bulo, aka wuce iyakar tabon kaɗan, domin tsohuwar filasta mai cike da gishiri tana jawo laima daga iska ko da an tsayar da ruwan ƙasa. Gishirin da ya riƙa fitowa a lokacin da bango ke bushewa, da busasshen buroshi aka riƙa share shi ana kwashewa. Wanke shi da ruwa kuskure ne da ake yawan yi, saboda yana narkewa ya koma cikin bango, ya sake fitowa bayan 'yan kwanaki. Akwai wani fari mai tauri da buroshi ba ya cirewa, wanda idan aka ɗiga masa ruwan tsami na binega sai ya yi kumfa. Wannan kalsiyam kabonet ne, kuma sai an kankare shi ko a wanke da asid da aka tsinka sosai, bayan an jiƙa bangon, a kuma ɗauraye shi da ruwa mai yawa, da safar hannu da tabarau.

An sake filasta da yashi mai tsabta, aka jira, aka maimaita gwajin leda har ta fito a bushe, sannan aka sa firamar nan ɗaya da fenti iri ɗaya. Wannan karon ta zauna, kuma har yanzu ban ga fari ya dawo ba, ko da yake wurin da ya taɓa shan ruwa haka ina ci gaba da duba shi bayan kowane ruwa mai ƙarfi.

Zan sake sayenta, kuma ina ba da shawararta ga mai sabuwar filasta da ta cika kwanakinta, ko mai faci da yawa a bango, ko wanda tsohon fentinsa ya zama alli. Wanda gishiri ke dawo masa a gindin bango ko a ƙarƙashin taga ko kusa da bututun ruwa, gara ya fara kashe kuɗinsa wajen gyaran ruwan, ya kuma guji fenti mai sheƙi ko mai toshewa a wurin, domin shi ya fi saurin kumbura a kan bango mai laima. Da kamfanin zai rubuta a gaban gwangwani cewa a gwada laimar bango kafin a shafa, maimakon ya ɓoye shi cikin ƙananan rubutu na baya, da ba ni da wani ƙorafi a kanta sai na faɗin da lita ke rufewa.