Armijo ko Wolfe: wane sharaɗi za ka ɗora wa takunka?

Idan kana neman inda f ta fi ƙanƙanta, taku-taku kake gangarawa, kuma waɗannan sharuɗɗan ne ke tantance ko tsawon takun, α, ya dace. Mu ɗauki f(x) = x² daga x = 1. Hanyar gangara ita ce p = −2, karkatar farko kuma f′(x)·p = −4.

Sharaɗin Armijo na 1966 abu ɗaya yake nema, wato ƙimar f ta ragu sosai: f(x + αp) ≤ f(x) + c₁α·f′(x)·p, galibi da c₁ = 0.0001. Taku α = 1 zai kai ka −1, inda f ta tsaya a 1, sharaɗi bai cika ba. Sai ka ja da baya ka raba biyu, α = 0.5 ya sauke ka kan sifili.

Matsalarsa kuwa, yana karɓar ƙanƙanin taku. Da α = 0.001 za ka tsaya a 0.998, kuma ya amince. Ja da bayan ne ke hana wannan, domin daga babban taku ake farawa, kuma duk wanda aka karɓa bayan an ja rabin wanda aka ƙi ne.

Wolfe, a 1969, ya ƙara sharaɗi na biyu: sabuwar karkata kada ta gaza c₂ × (−4). Da c₂ = 0.9, iyakar −3.6 ce. A 0.998 karkatar −3.992 ce, saboda haka an ƙi takun, sai α ya kai 0.05. Tsadarsa ita ce lissafin f′ a kowane gwaji.

A ganina, in gangara zalla kake bi, Armijo ya ishe ka. In BFGS ce, wato dabarar da ke ƙiyasta lanƙwasar f daga takun da aka riga aka yi, riƙe Wolfe, domin shi ke tabbatar da sᵀy > 0. A nan s shi ne canjin x bayan taku, y kuma canjin f′. Idan wannan sharaɗin ya karye, sabuwar hanyar na iya zama hawa maimakon sauka.